Kai da Kafaɗu: Yadda Ake Auna Faɗuwar Farashi Idan Layin Wuya Ya Karkace

Duk wanda ya fara leƙa kasuwar hannun jari, ko ta canjin kuɗaɗen waje, ko ta kirifto, ba ya jimawa sai ya ji an ambaci kai da kafaɗu. Siffa ce da farashi kan zana a jadawali bayan ya daɗe yana hawa: tudu uku a jere, na tsakiya ya fi na gefe biyu tsawo. Masu koyarwa suna son ta saboda tana da sauƙin nunawa, masu koyo kuma suna son ta saboda ta zo da lissafinta na hasashen inda farashi zai gangara. Sai dai hoton da ake nunawa a darasi kusan kullum mai layin wuya ne a miƙe sambal, alhali a kasuwa layin yakan karkata, ko dai sama ko ƙasa. A wannan karkata ne lissafin mutane da yawa yake ɓacewa, kuma a kanta za mu tsaya.

Abin da siffar ke nunawa

Kasuwa mai hawa tana da ɗabi'a guda: kowane tudu yana fin na baya, kowane kwari ma yana fin na baya. Kafaɗar hagu tudu ne irin wanda aka saba gani. Farashi ya ɗan ja baya, ya sake yunƙurawa ya wuce wancan tudun, wannan shi ne kai. Har zuwa nan babu abin da ya canza. Alamar farko tana fitowa ne idan farashi ya sauko daga kai ya gangara ƙasa da tsayin kafaɗar hagu, ya nufi inda kwarin farko ya tsaya. Daga nan masu saye su sake gwadawa, amma ƙarfinsu ya ƙare kafin su kai tsayin kai. Wannan yunƙurin da bai kai ba shi ne kafaɗar dama.

Kwari biyun da ke gefen kai, wato hammatar hagu da hammatar dama, su ne ake haɗawa da layi, a zarce da shi zuwa dama. Shi ne layin wuya. Muddin farashi bai rufe a ƙarƙashinsa ba, siffar ba ta cika ba, tudu uku ne kawai. Akwai kuma shaidar yawan ciniki: galibi ana ganin ciniki mai yawa a kafaɗar hagu, ya ɗan ragu a kai, ya yi ƙaranci sosai a kafaɗar dama. Idan kafaɗar dama ta zo da ciniki mai kauri, to masu saye ba su gaji ba, sai a yi hattara.

Wannan bayani ya daɗe. Richard Schabacker ya yi shi a littafinsa na 1932, sannan Robert Edwards da John Magee suka faɗaɗa shi a nasu littafin na 1948, wanda har yau shi ne madogarar yawancin masu karanta jadawalin farashi. Su ne suka yaɗa sharaɗin cewa sai farashin rufewa ya wuce layin wuya da kimanin kashi 3 cikin 100 kafin a ce an karya shi. Don hannun jarin Amurka suka tsara wannan sharaɗi. Kuɗaɗen manyan ƙasashe ba sa motsi da yawa haka a rana, shi ya sa masu cinikinsu kan wadatu da rufewar kyandir ɗaya ko biyu a ƙarƙashin layin.

Awon yana da ƙafa biyu

Ƙa'idar hasashen gajeriya ce. A auna tsayi daga ƙololuwar kai, a sauko a tsaye zuwa layin wuya. Sannan a cire wannan tsayi daga wurin da farashi ya karya layin. Abin da ya rage shi ne zangon da ake sa ran farashi zai kai.

Idan layin a miƙe yake, babu wahala. Kai yana naira 124, layin wuya yana naira 103 daga farko har ƙarshe, tsayi ya zama 21, zango kuma 82. Duk inda ka taɓa layin, lamba ɗaya za ka samu.

Da zarar layin ya karkata, lamba ɗaya ta zama huɗu: farashin hammatar hagu, na hammatar dama, na layin a daidai ƙarƙashin kai, da na layin a ranar da aka karya shi. Biyu daga ciki ne kawai suke shiga lissafi. Na ƙarƙashin kai shi ke ba da tsayi, na ranar karyawa shi ake cire tsayin daga gare shi. Magini mai auna bango a kan gangare yakan saki igiyarsa ne daga saman bangon ta sauka a tsaye zuwa ƙasar da ke daidai wurin, ba ya jan ta gefe zuwa inda ƙasa ta fi zurfi. Haka awon kai yake.

Idan layin ya karkata sama

Mu ɗauki misalin da muka ƙirƙira don darasi, na hannun jarin wani kamfani, muna ƙidaya ranakun ciniki. A rana ta 10 farashi ya kai naira 115, kafaɗar hagu ke nan. Ya sauko zuwa naira 100 a rana ta 20. Ya haura zuwa naira 124 a rana ta 35, wannan ne kai. Ya sake saukowa ya tsaya a naira 106 a rana ta 50. Ya yunƙura zuwa naira 116 a rana ta 60, ƙarfinsa ya ƙare, ya juyo.

Matakin farko shi ne sanin yadda layin yake hawa. Tsakanin hammata biyu akwai naira 6 a cikin kwana 30, wato kobo 20 a kowace rana. Kai ya zo kwana 15 bayan hammatar hagu, saboda haka layin a ƙarƙashinsa ya hau da naira 3, yana kan naira 103. Tsayin kai ya zama 124 a cire 103, wato naira 21.

Yanzu a ce farashi ya ratsa layin a rana ta 70. Kwana 50 ke nan daga hammatar hagu, layin ya hau da naira 10, yana kan naira 110. A cire 21 daga 110, zango ya zama naira 89.

```
tsayi = 124 - 103 = 21
zango = 110 - 21 = 89
```

Ga inda ake zamewa. Wanda ya auna daga kai zuwa hammatar hagu zai samu tsayin 24, ya sa ran naira 86. Wanda ya auna zuwa hammatar dama zai samu 18, ya sa ran naira 92. Wanda kuma ya auna tsayin daidai amma ya cire shi daga 103, inda ya fara awon, zai fito da naira 82. Jadawali ɗaya, amsa huɗu, tsakanin babba da ƙarama akwai naira 10. Wanda ya ajiye odarsa a 82 zai iya zuba ido farashi ya taɓa 89 ya juya ya bar shi.

Abu na biyu da ya kamata a lura da shi, zangon ba ya tsayawa wuri guda sai an karya layin. Da farashi ya yi jinkiri har rana ta 80, da layin ya kai naira 112, zango ya koma 91. Saboda haka duk lambar da aka fitar tun kafaɗar dama tana kan ginuwa, ta wucin gadi ce.

Abu na uku ya fi nauyi. A ranar da farashi ya karya layin a naira 110, bai riga ya sauka ƙasa da hammatar dama ba, wadda ke naira 106. Ma'ana, ɗabi'ar kasuwa mai hawa, ta kowane kwari ya fi na baya, tana nan daram. Layi mai karkata sama yana ba da alama da wuri, amma alamar tana da rauni, domin sau da yawa farashi kan sauka zuwa kusa da 106 ya tarar da masu saye suna jira. A misalinmu sharaɗin kashi 3 cikin 100 yana kai mu naira 106.70, dab da hammatar. Shi ya sa masu taka-tsantsan suke jira sai an rufe a ƙasa da 106.

Jiran nan ba kyauta ba ne. A ce mutum ya shiga cinikin faɗuwa a naira 109, ya ajiye `Stop Loss` a naira 117, ɗan sama da kafaɗar dama. Yana kasadar naira 8 don neman naira 20. Wanda ya jira ya shiga a naira 105 yana kasadar naira 12 don neman naira 16. Na farko ya fi riba idan abin ya tafi daidai, amma ya fi yawan cin karo da alamar ƙarya. Na biyu ya sayi ƙarin tabbaci da wani ɓangare na ribarsa. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, muddin kowa ya san abin da ya zaɓa kafin ya danna.

Akwai iyaka ga karkatar da za a amince da ita. Idan hammatar dama ta tsaya daidai da ƙololuwar kafaɗar hagu, ko sama da ita, abin da ke gabanka kasuwa ce da take hawa matakala-matakala, ba kai da kafaɗu ba. Dole hammatar dama ta faɗo ƙasa da tsayin kafaɗar hagu sosai, kamar yadda 106 take ƙasa da 115 a misalinmu.

Idan layin ya karkata ƙasa

Mu juya lambobin. Hammatar hagu tana naira 106 a rana ta 20, ta dama tana naira 100 a rana ta 50, kai yana nan a naira 124 a rana ta 35. Layin a ƙarƙashin kai yana naira 103 kamar ɗazu, tsayi 21 ne. Kafaɗar dama ta tsaya a naira 112, ƙasa da ta misalin farko, domin wannan kasuwar ta fi rauni: tun kafin a gina kafaɗar dama, farashi ya riga ya sauka ƙasa da kwarin baya.

Matsalar a nan ita ce layin yana gudu gaba da farashi. Kowace rana yana sauka da kobo 20. A rana ta 70 yana kan naira 96, idan an karya shi a nan zango ya zama 75. Amma duba lissafin mai ciniki. Zai shiga a wajen naira 95, madogararsa tana 113, sama da kafaɗar dama. Kasadar naira 18 ke nan don neman naira 20, bayan farashi ya riga ya zubar da naira 17 daga kafaɗa. Idan gangaren ya fi haka tsanani, farashi na iya faɗuwa na makonni bai cim ma layin ba, lokacin da zai cim masa kuwa an ci kasuwa an watse.

Mafitar da Thomas Bulkowski, marubucin kundin siffofin jadawali da ya fara fitowa a 2000, ya ba da shawara ita ce a bar layin a koma ga hammatar dama. A ja layi a kwance daga naira 100, rufewa a ƙarƙashinsa ta zama alamar karyawa. Hujjar a fili take: a nan ne masu saye suka tsaya karo na ƙarshe, kuma duk wanda ya saya a wurin ya shiga asara da zarar an wuce shi. Idan aka cire tsayin 21 daga 100, zango ya zama naira 79. Mai shiga a 99 yana kasadar 14 don neman 20, ya fi na wanda ya jira layin.

To, wanne ne daidai, 79 ko 75? Dukansu hasashe ne. Abin da ya fi amfani shi ne a ɗauke su a matsayin yanki, a fara kwashe riba daga lambar da ta fi kusa. Wanda ya fita a 79 farashi ya zarce 75, riba kaɗan ya bari. Wanda ya dage sai 75 farashi ya juya a 78, shi ne mai cizon yatsa.

A siffar da ke kife, wadda kan bayyana a ƙarshen faɗuwa, komai yana juyawa. Layin da ya karkata ƙasa shi ke ba da alama da wuri, wanda ya karkata sama shi ke jinkirtawa, ana kuma ƙara tsayin ne a kan wurin karyawa. Bambanci guda shi ne a kifaffiyar siffa ana buƙatar ciniki mai yawa a ranar karyawa. Farashi na iya faɗuwa don kawai masu saye sun janye, amma ba ya hawa sai an zuba kuɗi.

Abubuwa uku da ke gyara lambar

Na farko shi ne tafiyar da ta gabaci siffar. Siffar juyi sai da abin da za ta juya. Idan hawan da ya haifi kai ya faro ne daga naira 85, zangon 75 yana nufin a rushe dukkan hawan har a ƙara. Edwards da Magee sun ja kunne a kan wannan: kada a sa ran siffar za ta warware fiye da abin da aka gina kafinta. A irin wannan hali naira 85 ce lambar da za a sa wa ido. Haka nan duk wani wuri da farashi ya taɓa daɗewa a baya, tsakanin layin wuya da zango, na iya tare shi.

Na biyu shi ne ma'auni. Cire naira daga naira yana aiki idan siffar ƙarama ce. Idan babba ce, kamar yadda ake gani a kirifto, yana iya ba da amsar da ba ta da ma'ana. Kai a dala 100, layin wuya a dala 40, tsayi 60: a cire 60 daga 40, an wuce sifiri. Gyaran shi ne a yi awon da kaso. Daga 100 zuwa 40 faɗuwar kashi 60 cikin 100 ce, idan aka sake irinta daga 40 za a sauka a dala 16. A misalinmu na farko, daga 124 zuwa 103 kusan kashi 17 cikin 100 ne, wanda zai kai 110 zuwa wajen naira 91.40 maimakon 89. A manhajoji irin su TradingView, sauya jadawali zuwa ma'aunin `Log` yana canza inda karkataccen layi yake ratsawa, don haka a zana layin a yi awon a kan ma'auni ɗaya.

Na uku shi ne inda aka ɗora layin. Wasu suna haɗa ƙarshen lagwanin kyandir, wasu suna haɗa farashin rufewa. Kowanne yana da mabiya. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a ɗauki lagwani a hammata ɗaya, jikin kyandir a ɗayar, domin hakan kaɗai na iya ƙirƙirar karkatar da babu ita. Idan an auna kai daga saman lagwani, hammata ma a ɗauke su daga ƙasan lagwani.

Yadda ake gane ta wargaje

Bayan karyawa farashi yakan koma ya taɓa layin daga ƙasa kafin ya ci gaba da faɗuwa. Wannan ba abin tsoro ba ne, sai dai a tuna cewa layin ya matsa. A misalin farko, kwana 10 bayan karyawa layin yana naira 112, don haka komowa zuwa 111 ba ta rushe komai ba. Rufewa a saman layin gargaɗi ne. Rufewa a saman kafaɗar dama kuwa hukunci ne, siffar ta mutu, kuma farashi kan haura da sauri saboda duk waɗanda suka yi cinikin faɗuwa suna rige-rigen saye don su fita.

An ga haka ƙarara a Amurka a 2009. Ma'aunin hannayen jari na S&P 500 ya zana kai da kafaɗu tsakanin Mayu da farkon Yuli, kai a wajen 956 a watan Yuni, layin wuya tsakanin 880 da 890. Kafafen labaran kasuwa suka yi ta maganarta. Farashi ya leƙa ƙasan layin a mako na biyu na Yuli, ya kasa yin nisa, ya juya. Kafin watan ya ƙare ya wuce kai, a farkon Agusta ya haura 1,000.

Bincike ma bai ba siffar lasisin tabbas ba. A 1995 Carol Osler da Kevin Chang sun wallafa nazari ta babban bankin tarayya reshen New York, inda suka gwada ta a kan kuɗaɗe shida da dalar Amurka daga 1973 zuwa 1994. Sun samu riba mai ma'ana a kan mak na Jamus da yen na Japan, ba su samu a sauran huɗun ba. A ƙididdigar Bulkowski kuma, kimanin rabin siffofin da suka karya layin wuya ne suke kaiwa cikakken zango. Tsofaffin littattafai suna kiran zangon mafi ƙarancin abin da za a samu, amma waɗannan alƙaluma suna nuna gara a ɗauke shi a matsayin abin da ka iya faruwa.

A kasuwar hannun jari ta Najeriya akwai ƙarin abin lura. Hannun jarin da ba a cika cinikinsa ba yana iya zana tudu uku daga ciniki ƙalilan, siffar da ba ta wakiltar ra'ayin jama'a. Ga mafi yawan masu hannun jari a nan, amfanin alamar shi ne su rage abin da suka mallaka ko su dakata da saye. Cinikin faɗuwa, wanda ya ƙunshi sayar da abin da ba a mallaka ba, da ciniki da kuɗin aro mai ruwa, malamai suna da magana a kansu, kuma ya dace mutum ya tambaya kafin ya shiga.

Mai karatu, kafin ka taɓa kuɗinka saboda wannan siffa, rubuta lambobi huɗu a takarda: farashin layin a ƙarƙashin kai, farashin da za ka kira karyawa, zango mafi kusa, da wurin da za ka amince siffar ta wargaje ka fita. Idan tazarar da ke tsakanin shigarka da zango ba ta fi ta tsakanin shigarka da mafitarka a fili ba, ka bar cinikin ya wuce, komai kyan hoton.